Ina naira dubu ɗayarka ta shiga?

Ƙungiyoyin agaji da dama yanzu suna ba da bayanin kuɗinsu ta jerin hotunan nan da ake ja gefe da yatsa a Instagram, wato carousel. Manhajar ta yarda a jera har hoto ashirin, amma shida ko bakwai sun wadatar, don mai waya a hannu ba ya da haƙurin karanta rahoton akanta.

A ɗauka, a matsayin misali, wata ƙungiya ta tara naira miliyan goma don ciyar da marayu a azumin bara. Hoton farko zai faɗi jimillar da lokacin da aka tara ta. Daga nan sai a bar maganar miliyoyi, a koma kan naira 1,000, kuɗin da kowa ya san nauyinsa. A cikinta 720 ta tafi ga shinkafa, mai da gero, 90 ga mota da dako, 110 ga albashi da hayar ofis, 30 ga talla da cajin banki, 50 kuma tana asusu ba a taɓa ba. Duk wanda ya haɗa zai samu dubu cif. In lissafin bai cika ba, ko babu shekara a jiki, akwai abin tambaya.

Hoton albashi da haya shi ne wanda ake yawan tsallakewa, don gudun a ce an ci kuɗin marayu. A ganina shi ya fi cancantar fili. Buhu ba ya kai kansa ƙauye, kuma sai an biya wanda zai tantance sunaye don kada gida ɗaya ya karɓa sau biyu. Wasu kan cusa wannan kuɗi cikin “ayyuka” domin kason ya yi kyau. Ana gane haka idan aka ga ƙungiya mai ofis da ma'aikata tana cewa kowane kwabo yana isa ga mabuƙata, ba tare da ta faɗi wanda ke biyan albashi ba. Ƙungiyar charity: water ta Amurka tana irin wannan alkawari, amma ta bayyana cewa wasu masu hali ne daban suke ɗaukar nauyin gudanarwarta. Ko a 2013 ma, GuideStar, Charity Navigator da BBB Wise Giving Alliance sun fitar da wasiƙa suna jan hankalin masu bayarwa kada su auna ƙungiya da ƙarancin kuɗin gudanarwa kaɗai.

Ita ma naira 50 da ta rage sai a faɗi abin da za a yi da ita.

Hoton ƙarshe na roƙo ne, kuma ba ya buƙatar fuskar yaro yana kuka. Ya isa a rubuta: “Bana muna so mu ƙara gidaje ɗari biyu. In da hali ka taimaka, in babu ka tura wa wani.” A ƙasa a sa lambar rajistar CAC, inda za a ga cikakken rahoto, da asusun banki mai sunan ƙungiyar, ba na shugabanta ba.