Wasiƙar Sakkwato da Maki Takwas: Yadda Ake Auna Tunanin Ɗalibi a Jarrabawar Tarihi

Duk wanda ya yi makarantar boko a ƙasar nan ya san yadda aka saba duba amsar tarihi. Malam zai ce a kawo dalilai biyar da suka sa abu kaza ya faru, kowane dalili da makinsa. Ka kawo biyar ka kwashe duka, ka kawo uku a ba ka na uku. Wannan ƙidaya ce, kuma tana aiki sarai matuƙar abin da ake nema shi ne a gane ko yaro ya haddace darasi.

Ƙidayar tana lalacewa ne ranar da aka ajiye wa ɗalibi wata tsohuwar takarda a gabansa, wasiƙa ko rahoto ko hoto, aka ce ya auna ta. Irin wannan takarda ita ake kira madogara. A Ingila aka fi raya wannan salon tambaya, tun daga wani shirin gyaran koyar da tarihi da aka fara a Jami'ar Leeds a 1972, ya kuma shiga jarrabawar GCSE da aka fara zanawa a 1988. Yaranmu da ke zana jarrabawar Cambridge a wasu makarantun kuɗi suna cin karo da shi. A irin wannan tambaya ɗalibi zai iya cika shafi biyu da bayanai na gaskiya bai amsa komai ba, wani kuma ya yi layi shida ya gama magana. Shi ya sa masu duba takardu suka koma ga ma'aunin matakai: maimakon a ƙirga abubuwan da yaro ya faɗa, sai a duba inda tunaninsa ya kai, a ajiye amsar a matakin da ya dace da ita.

Bari mu gina ɗaya da wata takarda ta gida.

A 1902 Gwamna Lugga ya ba da rahoton cewa ya sami wata gajeriyar wasiƙa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman. Abin da fassararta ta Turanci ta ƙunsa shi ne, Sarkin Musulmi bai yarda wani Bature ya zauna a ƙasarsa ba, ba zai taɓa shiri da su ba, kuma babu abin da ke tsakaninsu sai yaƙi. Lugga ya riƙe wannan wasiƙa a matsayin hujja. Kano ta faɗi a 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato kuma a 15 ga Maris na wannan shekara, lokacin Abdurrahman ya riga ya rasu, Attahiru na kan gado. Sai dai akwai ƙura a kan wasiƙar: fassarar ce ke hannun masana, ba a ga asalinta na Larabci ba, har wasu marubuta tarihi suka yi shakkar ko haka aka rubuta ta.

A ce mun ba ɗalibai fassarar, da ɗan bayani a ƙasa kan wanda aka ce ya rubuta ta, da shekarar, da cewa ta hannun Lugga ta iso mana. Tambayar ita ce: mene ne amfanin wannan wasiƙa ga mai binciken dalilin da ya sa Turawa suka yaƙi Sakkwato a 1903? Maki takwas.

Aikin farko na mai gina ma'auni shi ne ya tsayar da abu guda da tambayar ke gwadawa. A nan kalmar ita ce amfani. Ba a ce a ba da labarin yaƙin ba, ba a kuma ce a faɗi ko wasiƙar gaskiya ce ba. Idan malami bai tsayar da wannan a ransa ba, zai tsinci kansa yana ba da maki ga duk wanda ya burge shi da yawan sani.

Aiki na biyu shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan abin. Malami zai iya zana matakansa a ɗaki tun kafin jarrabawa, amma wannan zato ne kawai. Sai ya ɗebi takardu kamar talatin, ya ajiye jan biro gefe, ya karanta su ba tare da sa maki ba, yana kasa su kashi-kashi: wannan ta fi wannan, waɗannan biyun tafiyarsu ɗaya. In ya gama sai ya tambayi kansa, me 'yan wannan kashi suka yi wanda na ƙasa da su ba su yi ba? Amsar da ya samu ita ce bayanin matakin. Wato matakan daga rubutun yara suke fitowa.

A tambayarmu kashi huɗu ne za su bayyana. Na ƙasa su ne waɗanda suka sake faɗin abin da ke cikin wasiƙar da nasu kalmomin: tana da amfani domin ta ce Sarkin Musulmi ba ya son Turawa su zauna a ƙasarsa. Yaron ya karanta, ya fahimta, amma bai ɗaga kansa daga takardar ba. Wannan mataki na ɗaya ne, maki ɗaya zuwa biyu.

Na gaba da su sun ciro wata ma'ana da wasiƙar ba ta faɗa da bakinta ba, suka jingina ta da tambayar. Misali: wasiƙar ta nuna cewa ƙofar sulhu ta rufe, don haka Turawa suka ga ba za su sami ƙasar ba sai da bindiga. Mataki na biyu ke nan, maki uku zuwa huɗu.

A mataki na uku, mai maki biyar zuwa shida, ɗalibi ya shigo da abin da ya sani daga waje ya gwada wasiƙar da shi. Zai ce, tun 1 ga Janairu 1900 Lugga ya yi shela a Lakwaja cewa Arewa na ƙarƙashin Ingila, a 1901 ya ci Kwantagora da Bida da Yola, a 1902 ya shiga Bauci, duk ƙasashen da ke bin Sakkwato. Ashe ba wasiƙar ce ta fara kunna wutar ba. Wani zai ƙara da kisan Kyaftin Maloni a Keffi a Oktoba 1902, da gudun Magaji Ɗan Yamusa zuwa Kano, ko kuma zaman Faransawa a Damagaram, ya ce wasiƙar ba ta ce uffan a kan waɗannan ba, don haka amfaninta yana da iyaka. Abin lura, sanin da aka shigo da shi sai an auna wasiƙar da shi kafin ya ci wannan matakin. Wanda ya zuba duk waɗannan shekaru a jere bai waiwayi wasiƙar ba, bai hau ba.

Mataki na huɗu, maki bakwai zuwa takwas, yara kaɗan ne ke kaiwa, kuma amsarsu ba lallai ta fi tsawo ba. Su ne waɗanda suka tambaya, ta hannun wa takardar nan ta zo, kuma me ya yi da ita? Irinsu zai rubuta cewa, tun da fassara ce da ta fito daga ɓangaren da ya kai yaƙin, ba za a dogara da ita kaɗai a ce ga ainihin kalmomin Sarkin Musulmi ba, amma tana da babban amfani wajen nuna irin hujjar da Lugga ya buƙaci ya gabatar wa manyansa a Landan. Wannan yaro ya gane cewa takardar da ake shakka a kanta ma shaida ce, sai dai shaida a kan wani abu dabam.

A nan ne rigima take tsakanin masu duba takardu, kuma ya kamata ma'aunin ya raba gardamar tun da wuri. Akwai amsar da ake haddacewa: wannan madogara ba ta da amfani domin Bature ne ya kawo ta, akwai son rai a ciki. Da ganin farko sai ka ce mataki na huɗu ce, tun da ta taɓo asalin takardar. Amma jimla ce da za a iya liƙa wa kowace takarda a duniya. Ba ta faɗi wane son rai ba, ba ta faɗi abin da Lugga zai samu ba. Wurinta mataki na biyu, kuma a rubuta haka ƙarara a cikin ma'aunin, in ba haka ba malami ɗaya zai ba ta uku, abokinsa ya ba ta bakwai.

Wani kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne rubuta matakai da kalmomin yabo: amsa mai rauni, mai kyau, mai kyau sosai. Wannan bai gaya wa kowa komai ba, domin kyan Malam Wane ba shi ne kyan Malama Wance ba. Bayanin kowane mataki ya faɗi aikin da ake iya nunawa da yatsa a kan takarda: ya kwafa, ya ciro ma'ana, ya gwada da sani, ya auna asali da manufa. A ƙarƙashin kowanne a sa amsar ɗalibi guda ta gaske a matsayin misali. Ana kuma haɗawa da jerin bayanan da ake sa ran gani, irin su Keffi da Bauci, amma a rubuta a samansa cewa misalai ne. Yaron da ya zo da wata hujja ingantacciya da ba ta cikin jerin, hakkinsa ne a ba shi makinsa.

Wajen dubawa, sai a karanta amsa har ƙarshe kafin a taɓa biro. A fara tsayar da mataki, sannan maki. Ba a tara matakai kamar kuɗin adashe: ciro ma'ana sau huɗu ba ya mayar da amsa mataki na uku, sai dai ya kai ta saman na biyu. Ana duba inda amsar ta fi zama ne gaba ɗaya. In ta tsaya da ƙafafunta a matakin, a ba ta babban makin, in kuwa da ƙyar ta leƙa, a ba ta ƙaramin.

To yaya za a san ma'aunin ya ginu? A ɗauki takardu goma, malamai biyu su duba kowa shi kaɗai, a rufe makin juna, sannan a kwatanta. Bambancin maki ɗaya a cikin mataki guda ba abin tayar da hankali ba ne. Amma in sun saɓa a kan matakin kansa a takardu uku ko huɗu, laifin yana cikin rubutun ma'aunin, sai a koma a gyara iyakar da ta rikita su. Haka nan in kusan kowa ya taru a mataki ɗaya, wataƙila matakin ya yi faɗi, yana bukatar a raba shi. In kuma babu ko mutum ɗaya a na huɗu, a duba bayanin da aka sa a ƙasan wasiƙar. Idan ba a gaya wa yara cewa ta hannun Lugga ta zo ba, an rufe musu ƙofar da ake son su shiga, kuma tambayar ce ke bukatar gyara.

Malam, in ka gama dubawa, kada ka kulle ma'aunin a durowa. Raba wa ɗaliban tare da takardunsu, kowa ya nemo da kansa matakin da amsarsa ta tsaya, ya ja layi a ƙarƙashin jimlar da ta kai shi can.