INSHORA GA GIDAN DA MUTUM GUDA KE CIYARWA

An shirya wannan bayani domin Hakimai da magatakardansu a ƙasashen Kazaure, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura, saboda gare su ne talakawa ke fara kai kuka in mai gida ya faɗi. Ma'anar inshora ita ce mutane da yawa su riƙa zuba kuɗi kaɗan kaɗan wuri guda, in masifa ta sami ɗayansu a biya shi daga abin da aka tara. Iri-iri gare ta, kuma ba mai ƙaramin ƙarfin da zai iya ɗaukarsu duka. Saboda haka abin tambaya shi ne, wace za a fara?

Ƙa'idar ita ce a fara da hasarar da gida ba zai iya tashi bayanta ba, ko da ba ta cika aukuwa ba. Yawancin mutane in an ce dukiya sai hankalinsu ya tafi ga babur, ko rumfar kasuwa, ko shanun huɗa. To, amma wanda aka sace wa babur, in yana da rai da lafiya, da adashi da gudummawar 'yan'uwa yakan mayar da wani. Babbar dukiyar gidan da mutum guda ke ciyarwa ita ce ƙarfin mai gidan kansa, watau abin da yake shigowa da shi kowane wata. Ran da wannan ya yanke, abinci da kuɗin makaranta da na magani duk sun yanke tare.

Don haka ta farko ita ce inshorar rai. Mafi sauƙin kuɗi a cikinta ita ce ta wa'adi: mutum ya ƙulla da kamfani na shekaru kaza, yana biyan ɗan abu kowace shekara, in ya rasu cikin wa'adin a ba iyalinsa adadin da aka rubuta. Kuɗin zubi yana ƙaruwa da yawan shekarun mutum, saboda haka ɗan shekara 30 ya fi ɗan 50 samun rangwame. Ya kamata kuma a tambaya ko takardar ta haɗa da naƙasa, domin mai gidan da haɗari ya kwantar har abada, samunsa ya tsaya ga shi kuma ana jinyarsa.

Mutane da yawa a ƙasar nan suna ƙyamar wannan sha'ani saboda riba da kamannin caca. Sai a sanar da su akwai takaful, wadda Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa ta fitar da ƙa'idodinta a 2013, aka kuma ba kamfanonin Noor da Jaiz izinin gudanar da ita a 2016. A takaful abin da aka zuba gudummawa ce ga asusun taimakon juna, ba a juya shi a harkar riba, malamai na sa ido, in kuma an sami rara akan raba wa masu zubi.

Nawa ya kamata a rubuta? Ga misali. A ce wani ma'aikacin Gwamnatin Tarayya ne a Kazaure, albashinsa da alawus Naira 90,000 a wata, yana da mata guda da 'ya'ya biyar, babbansu ɗan shekara 13. Gidan na cin Naira 80,000 a wata, watau Naira 960,000 a shekara. In aka ƙaddara sai bayan shekara 5 babban yaron zai fara kawo wani abu, ana bukatar Naira 4,800,000. A ƙara bashin Naira 200,000 da ke kansa, jimla Naira 5,000,000 ke nan. Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai wadda ba ta gaza albashin shekara sau uku ba, kuma shi ne mai biya, ba a cire ko kwabo daga albashi. Albashin wannan mutum na shekara Naira 1,080,000 ne, sau uku ya zama Naira 3,240,000. Giɓin da ya rage Naira 1,760,000, shi ne abin da ya kamata ya nema da kansa, sai dai in akwai gona ko gidan haya da zai rage shi. Ɗan kasuwar Roni ko manomin Gwiwa ba shi da wannan sau ukun, nasa giɓin shi ne jimlar gaba ɗaya. Ma'aikatan Jiha da na ƙananan hukumomi kuwa dokar fansho ta Jihar Jigawa ce ke kansu, sai su nemi ofishin fansho ya rubuta musu abin da magada za su samu. Wannan lissafi kuma ba na din-din-din ba ne. Duk wanda ya ga yadda farashin hatsi ya tashi bayan janye tallafin man fetur a 2023 ya san dole a riƙa sabunta shi.

Ta biyu ita ce ta lafiya. Fiɗa guda, ko haihuwar da ta zo da gardama har aka miƙa mace Kano, takan cinye akuyoyi da hatsin rumbu, wani lokaci har gonar gado. Dokar Tarayya ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, kuma Jigawa na da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. Kafin rajista a tambaya: wane asibiti aka rubuta wa mutum, iyali nawa aka ɗauka, wace cuta ce ba a biya.

Akwai kuma wadda doka ta tilasta wa duk mai abin hawa, ta ɓarnar da ya yi wa wani. Tun Janairu 2023 kuɗinta ga motar gida Naira 15,000 ne a shekara, tana biyan ɓarnar dukiya har Naira 3,000,000. A lura, wanda aka buge take biya; mai motar da motarsa ba su cikin lissafi. Takardun jabu sun yi yawa a tashoshi, amma ana iya tantancewa ta waya da lambar *565*11#. Inshorar gobara, da ta amfanin gona wadda kamfanin Gwamnati na inshorar noma ke yi, su ne ke biyo baya in da sauran hali. Sai dai wanda duk abincinsa na cikin rumfa guda, ko fadama guda da ruwa ke ci kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022, shi kam ya matso da su gaba.

Inda aka fi yin hasara shi ne wajen karɓa. Doka ta ce in ba a biya zubi ba babu alhaki a kan kamfani, saboda haka wanda ya bari wa'adin biya ya wuce yana iya rasa kome. Wanda ya rage shekarunsa, ko ya ɓoye ciwon suga ko hawan jini lokacin cika takarda, ya ba kamfani hujjar ƙin biya. Sau da yawa kuma mai gida yakan ɓoye takardar, ya rasu ba wanda ya san da ita. A nan aikin magatakarda yake. Ya tabbatar sunan da ke kan takarda ya dace da na katin ɗan ƙasa harafi da harafi, an rubuta sunan wanda zai karɓa, kuma uwargida ko wani babba ya san inda aka ajiye ta tare da rasiɗai. In rasuwa ta auku a sanar da kamfani a rubuce ba da jinkiri ba, a nemo takardar shaidar mutuwa daga asibiti ko Hukumar Ƙidaya, da rahoton 'yan sanda in haɗari ne. Batun yadda kuɗin zai shiga rabon gado, a kai shi gaban Alƙali tun kafin a taɓa shi. In kamfani ya ƙi biya ba bisa hujja ba, Hakimi ya taimaki magada su rubuta ƙara zuwa Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, su haɗa da lambar takardar da kwafen rasiɗan biya.