Wasiƙar Kaka ta Ajami: Yadda Ake Farfaɗo da Ita

Idan ka tarar da tsohuwar wasiƙa a adakar kaka, kada ka shafa mata ruwa don tawadar ta fito, wanke ta zai yi kamar allo. Shimfiɗa ta kusa da taga da hantsi, ka ɗauki hotonta ba tare da fitilar waya ba.

Wahalar tana wurin karatu. Rubutun Ajami na ƙasarmu salon Magaribi yake bi: harafin fa ɗigonsa ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuwa ɗaya a sama. Wanda ya saba da bugun Gabas sai ya ga ƙaf ya ɗauka fa ce, ya karanta "ƙasa" a matsayin "fasa". Ɗigon nan kuwa, saboda ƙanƙantarsa, shi ne saurin dushewa, don haka ma'anar jimla ce za ta raba gardama.

Kwafa layi bayan layi yadda marubucin ya jera su. Inda kalma ta ɓace, bar gurbinta, kada ka cike da zato. Kwanan wata galibi na Hijira ne. 1370, misali, ta faɗo tsakanin 1950 da 1951. Daga nan kai wa dattijon gida kwafin, shi ya san masu sunayen.