Hagu Ga Ido, Dama Ga Kunne: Yadda Ake Mayar Da Dogon Bayani Rubutun Bidiyo

Yawancinmu da rediyo muka tashi. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake magana da mu, ga Rediyon Kaduna da sauran tashoshi, shi ya sa idan Bahaushe ya zauna rubuta bayani, kunne yake yi wa rubutu ko bai yi niyya ba. Jimlolin za su fito da daɗin ji, amma da an ce a yi bidiyo da su sai a cije. Mai ɗaukar hoto ya riƙe takarda cike da magana, ya rasa inda zai saita kyamara. Daga ƙarshe a ɗauko abin da ya samu, a liƙa a kan murya, a samu bidiyon da baki ke wata magana ido na kallon wani abu daban.

Masu shirye-shiryen talabijin da tallace-tallace sun daɗe da samun maganin wannan. Suna raba takarda gida biyu daga sama har ƙasa. Gidan hagu na abin da za a gani ne, gidan dama kuma na abin da za a ji: muryar mai bayani, kiɗa, ƙarar wurin, har da shiru. Duk layin da ya ratsa gidajen biyu lokaci guda ne a cikin bidiyon. Wannan tsari ya bambanta da rubutun fim irin na Kannywood, wanda ke gangarowa a jere, bayanin fage a sama, zancen 'yan wasa a ƙasa. Mai gida biyu ya fi dacewa da talla, da bidiyon wayar da kai, da shirin gaskiya, wato duk inda murya ke tafiya a kan hotuna.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce wata ƙungiyar manoma tana son gajeren bidiyo kan adana wake a buhun nan mai rufi uku da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka. Ledoji biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Ga bayanin da malamin gona ya rubuto:

"Duk shekara manoma na asarar wake mai yawa saboda ƙwari, lamarin da ke jawo musu koma-baya ta fuskar tattalin arziki. Buhu mai rufi uku yana magance wannan matsala ba tare da an zuba magani ba. Sai a busar da wake sosai, a duba ledojin biyu ko suna da huji, a sa ɗaya cikin ɗaya, a zura su cikin buhun waje, a zuba wake, a matse iska, sannan a ɗaure kowanne daban. Idan iska ta ƙare a ciki, ƙwarin za su mutu."

Bayanin ba shi da aibu. Jimla 4 ne, kalma 81. Kafin ka taɓa komai, karanta shi da ƙarfi yadda za a karanta a gaban makirufo, ka danna agogon wayarka. Kada ka dogara da ƙiyasin kalma kaza a minti da ake yawan faɗa, domin kowane harshe da saurinsa, kowane mai karatu ma da nasa. A ce agogo ya nuna daƙiƙa 35. Rubuta wannan adadi a gefe, zai yi amfani nan gaba.

Yanzu sai yanka. A nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe, domin suna yankawa a inda aya take, su ba kowace jimla layi ɗaya. Ma'aunin gaskiya shi ne inda hoto zai canja. Sake karanta bayanin, duk inda ka ji ya kamata ido ya koma kan wani abu sabo, ja sanda a wurin. Dubi jimla ta uku: ita kaɗai tana ɗauke da ayyuka bakwai, daga shanya har ɗauri. Mai karatu zai gama ta cikin kimanin daƙiƙa 15, wato kowane aiki ya samu kusan daƙiƙa biyu. Babu manomin da zai koyi yadda ake matse iska a murɗe bakin leda a ɗaure cikin daƙiƙa biyu. Saboda haka dole jimlar ta watse zuwa layuka da dama, kowanne da lokacin da hannu ke bukata ya gama aikinsa.

Idan an gama yanka, a zuba gutsattsarin maganar a gidan dama, sannan a koma hagu a tambayi kowane layi tambaya ɗaya: me kyamara za ta ɗauka a nan? Amsar ta zama abin da za a iya nunawa da yatsa. "Hoton noma" ba amsa ba ce. "Hannu ya ɗebo wake mai huji, ƙwari na yawo a kai" amsa ce. A kuma faɗi nisan ɗaukar. Ma'aikata na rubuta WS don ɗaukar nesa mai nuna wuri gaba ɗaya, MS don ta tsakiya, CU don ta kusa, sai VO a gidan dama don muryar da ba a ganin mai ita. Idan duk masu aikin Hausa suke ji, a rubuta nesa, tsaka da kusa ya wadatar. Ga yadda bayanin malamin gona ya koma:

| Abin gani | Abin ji |
|---|---|
| 1. Kusa: hannu ya ɗebo wake mai huji, ƙwari na yawo. Daƙiƙa 5 | Ga abin da ƙwari ke yi wa wake a ajiya. |
| 2. Nesa: manomi ya jera buhu da ledoji biyu a tabarma. Daƙiƙa 6 | Buhu mai rufi uku yana tsare shi, ba sai an zuba magani ba. |
| 3. Tsaka: wake a shanya, manomi ya gatsa ƙwaya ɗaya. Daƙiƙa 5 | Fara busar da waken sosai. |
| 4. Kusa: ya kama iska cikin leda, ya riƙe baki ya matsa. Daƙiƙa 7 | Duba kowace leda. Mai huji ba ta yi ba. |
| 5. Tsaka: leda cikin leda, cikin buhu, ana zuba wake. Daƙiƙa 9 | Sa leda cikin leda, ka zura su a buhu, ka zuba wake. |
| 6. Kusa: ya danne, ya murɗe bakin ledar ciki, ya ɗaure. Daƙiƙa 10 | Matse iska, ka ɗaure ta ciki. Daga nan shiru, a bar ƙarar leda. |
| 7. Kusa: ɗaurin leda ta biyu, sannan buhun waje. Daƙiƙa 8 | Sai ta biyu, sai na waje. Kowanne da ɗaurinsa. |
| 8. Kusa: an kwance tsohon buhu, wake fes. Daƙiƙa 6 | Idan iska ta ƙare a ciki, ƙwarin mutuwa suke yi. |

Abu na farko da mai karatu zai lura shi ne "koma-baya ta fuskar tattalin arziki" ta ɓace. An zo gidan hagu an rasa abin da za a rubuta a gabanta, domin kyamara ba ta ɗaukar tattalin arziki. Irin wannan magana mafita biyu gare ta: ko a nemo mata jiki, kamar dillali a kasuwar Dawanau yana ture kwanon wake mai huji, ko a cire ta. A nan an cire, saboda waken da ke tafin hannu ya riga ya faɗi asarar, kuma gani ya kori ji. Gidan hagu da ya zauna babu komai alama ce cewa ko dai maganar ba ta da gurbi a bidiyon, ko kuma akwai ɗaukar da ba a shirya mata ba.

Na biyu, kalmomi sun ragu amma lokaci ya ƙaru, daga daƙiƙa 35 zuwa 56. Wannan ba kuskure ba ne. A bidiyon koyarwa hoto ne ke yanke tsawon layi. Dubi layi na 6: maganar ba ta wuce daƙiƙa uku ba, sauran bakwai ɗin hannu ne ke aiki. An rubuta shirun a takarda da gangan, domin idan ba a rubuta ba, mai tace bidiyon zai ɗauka giɓi ne ya yanke shi. Idan kuma an ƙayyade maka daƙiƙa 45, a nan ne za ka zaɓi layin da za a rage, tun ba a kashe kuɗin mota da na kyamara ba.

Na uku, salon maganar ya canja. "A busar, a duba, a zuba" ya koma "busar, duba, zuba", ana magana da mutum ɗaya kai tsaye. "Ga abin da" ta shigo a layi na 1, domin yanzu akwai abin da murya za ta nuna. Amma a kula, kada murya ta koma tana karanta hoto. Idan ana ganin manomi yana ɗaure leda, ba a bukatar a ce ga manomi yana ɗaure leda. Murya ta kawo abin da ido ba zai gane da kansa ba, kamar cewa kowace leda ɗaurinta daban, wanda shi ne sirrin buhun gaba ɗaya.

Layi na 8 shi ya fi kowanne nuna amfanin jadawalin. Ƙarewar iska a cikin buhu ba ta ganuwa, kuma watanni ake bukata kafin a ga sakamako. Wanda ya tafi ƙauye da dunƙulallen bayani sai ya dawo gaban kwamfuta zai gane ba shi da hoton da zai rufe da shi. Wanda ya cika gidan hagu tun a gida ya san dole a nemo manomin da ya ɗaure buhunsa tun kakar bara kuma ya yarda a kwance, ko a sa mai zane ya zana cikin buhun. Haka layi na 1 ya nuna sai an tanadi wake mai ƙwari, wanda ba lallai a same shi a sabon girbi ba.

Wajen bugawa kuwa, a yi jadawali na gaske. A Word ko Google Docs a shiga Insert sannan Table, a zaɓi gida biyu. Kada a yi ta danna Tab ko Enter don jera hagu da dama, domin da an ƙara kalma ɗaya komai zai goce, hoton layi na 4 ya koma gaban maganar layi na 5. A Word, cikin Table Properties, a cire alamar da ke kan Allow row to break across pages, don kada layi ɗaya ya rabu tsakanin shafi biyu. A sa wa kowane layi lamba, yadda a wurin ɗauka za a ce a sake na shida kowa ya gane. Duk rubutun da zai bayyana a fuskar bidiyon, kamar suna ko lambar waya, gidan hagu zai shiga, a rubuta shi daidai yadda ake so ya fito, da ƙ da ɗ da ɓ a wurarensu.

Gwaji na ƙarshe ba ya cin ko sisi. Rufe gidan dama da takarda, ka miƙa wa wanda bai san batun ba ya karanta na hagu kaɗai daga sama zuwa ƙasa. Idan ya iya gaya maka yadda ake ɗaure buhun, rubutunka ya nuna, domin ko wanda ke kallo a waya cikin hayaniyar kasuwa zai amfana. Idan ya tsaya yana tambaya, koma kan layin da ya tsaya ka gyara shi kafin ka kira mai kyamara.