Buhu Goma Na Masara

Yau mun leƙa kasuwar Dawanau da ke Kano, matattarar hatsi, da labarin wani matashi da bai daɗe da samun jarin kansa ba.

Lokacin kaka ne. Buhun busasshiyar masara a Dawanau a lokacin naira 40,000 ne, kuma buhu tiya 40 yake ci. Sai ga wani dillali a kasuwar ƙauye ya yi masa tayin buhu goma a kan 35,000 kowanne. Yaro ya buga lissafi a ka, ya ga ribar 50,000 tana masa murmushi. Bai ko taya ba, ya biya.

Da kaya suka sauka, uban gidansa Alhaji ya kwance bakin buhu ɗaya, ya cusa hannu har gwiwar hannu. Ya ji ɗumi. Ya ɗauko ƙwaya guda ya ciza. To, a nan nake so ku kasa kunne. Busasshiyar masara in ka cije ta, fashewa take yi, ƙas! Wannan kuwa lotsewa ta yi, haƙori ya shige. Alhaji bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, je ka shanya ta kafin ta yi fumfuna. In ta bushe ka auna, sannan ka zo mu yi magana."

Aka baza ta a rana, aka sheƙe, aka tsince. Ruwan da ke jikinta ya tafi da tiya uku a kowane buhu. Tsakuwa da ɓarɓashin totuwa suka tafi da biyu. Buhun tiya 40 ya koma 35.

Da dare yaro ya ɗauki biro da kwalin sabulu. Kuɗin mota 2,000 kan buhu, 'yan dako 500, la'adar dillali 500. Ashe buhun 38,000 ya tsaya masa, goma kuwa 380,000. Ku riƙe wannan, 380,000. Abin da ke ƙasa kuma tiya 350 ne, wato buhu takwas da tiya 30, ko tara bai cika ba. A farashin kasuwa, tiya naira 1,000, kuɗinsu 350,000 ke nan. Ya sake bugawa, wai ko biro ne ya yi ƙarya. Ribar 50,000 ta rikiɗe ta zama asarar 30,000, ban da ladan yaran da suka yi shanya.

Ni dai ban ce dillalin ya zuba tsakuwa da gangan ba, amma banza ba ta kai zomo kasuwa.

Washegari ya miƙa wa Alhaji kwalin. Alhaji ya duba, ya ce, "Kuɗin sababbin buhuna fa? Ba ka sa ba."

Agogo ya ci mu. Sai a tara a shiri na gaba.