Golan da ke kama komai a atisaye, ya zubar ranar wasa

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin filin ƙwallo da la'asar ya ga irin wannan. Koci ya jera ƙwallaye a gabansa, mai tsaron gida yana tsakiyar raga. Koci ya buga masa goma sha biyar ƙasa-ƙasa, ya kama. Ya koma buga masa goma sha biyar daidai ƙirji, ya rungume su ɗaya bayan ɗaya. Sannan goma sha biyar ta sama, ya yi tsalle ya cafke. Kafin a kai ƙarshen kowane kashi yaron ya zama kamar inji, 'yan kallo suna tafi, koci yana gyaɗa kai. Ranar Asabar kuma aka shiga wasa, ƙwallon farko da ta zo masa a ƙasa ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta shige.

Yawanci sai a ce tsoro ne ya kama shi, wasu ma su ce an yi masa asiri. Masu nazarin yadda jiki ke koyon motsi suna da wani bayanin, kuma laifin da suke gani yana cikin yadda aka jera ƙwallayen nan 45 tun farko.

Tsarin da kocin nan ya bi, bari mu kira shi atisayen kashi-kashi: a gama da abu ɗaya ɗungurungum kafin a taɓa na biyu. Kishiyarsa shi ne atisayen gauraye, inda adadin ƙwallayen bai canza ba, kowane iri yana nan goma sha biyar, amma an cakuɗa su, ta ƙasa ta biyo ta sama, ta ƙirji ta biyo ta ƙasa, gola bai san wadda ke tafe ba. Aiki ɗaya ne, lokaci ɗaya, gumi ɗaya. Jerin kawai aka taɓa.

Binciken da ya fara jawo hankalin masana kan wannan ba a filin wasa aka yi shi ba. A 1979, John Shea da Robyn Morgan a Amurka suka zaunar da ɗalibai gaban wani tebur mai ƙananan katakai shida a tsaye. Idan fitila ta kama, ɗalibi zai ɗauki ƙwallon tanis da hannu, ya ture uku daga cikin katakan bisa wani tsari, ya ajiye ƙwallon a rami, duk da iyakar saurinsa. Tsarin ture katakan iri uku ne, kowanne da launin fitilarsa. Kowane ɗalibi ya yi gwaji 54, wato 18 ga kowane tsari. Rabinsu suka yi kashi-kashi, rabi suka yi a gauraye. Lokacin koyo 'yan kashi-kashi ne a gaba, musamman da farko. Da aka dawo da su don jarrabawa, wasu bayan minti 10, wasu bayan kwana 10, sai reshe ya juye da mujiya: 'yan gauraye suka fi sauri. Waɗanda suka fi kowa shan kashi su ne 'yan kashi-kashin da aka jarraba a gauraye, kai ka ce ba su taɓa ganin teburin ba.

Wani zai ce ai ture katako ba wasa ba ne, kuma yana da gaskiya. Shi ya sa binciken 1994 na Hall da Domingues da Cavazos ya fi kusa da golanmu. 'Yan wasan besbol ne na kwaleji a Kalifoniya, waɗanda suka riga suka iya wasan. A wasan nan ana jefo wa mutum ƙwallo ne ya doke ta da sanda, kuma jifan iri-iri ne: akwai mai tsananin gudu, akwai mai lanƙwasa a hanya, akwai mai kama da mai gudu amma ta iso a hankali. An ƙara wa rukuni biyu atisaye sau biyu a mako har mako shida, jifa 45 kowane zama, 15 daga kowane iri. Rukuni na uku ba a ƙara masa komai ba. A jarrabawar ƙarshe ta gauraye, dukan da 'yan gauraye ke yi mai kyau ya ƙaru da kusan kashi 57 cikin ɗari, na 'yan kashi-kashi da kusan 25, na waɗanda ba a ƙara wa komai ba da kusan 6. A lura, kashi-kashi ma ya yi amfani. Sai dai da jifa iri ɗaya da lokaci iri ɗaya, gauraye ya ba da ribar da ta ninka tasa har da ɗoriya.

Me ya kawo haka? Bayanin da ya fi kwanta mini shi ne na Timothy Lee da Richard Magill, wanda suka gabatar a farkon shekarun 1980. A tambayi yaro bakwai sau takwas, ya yi tunani ya ce hamsin da shida. A sake tambayarsa nan take, zai ce hamsin da shida ba tare da ya lissafa komai ba, amsar tana kan harshensa. A tambaye shi sau goma sha biyar a jere, sau ɗaya ya yi lissafi, sauran goma sha huɗun maimaici ne. Amma idan aka raba tsakani da tara sau shida, da huɗu sau bakwai, duk sanda aka dawo kan bakwai sau takwas dole ya sake nemo ta. Haka jiki yake. Kafin gola ya kama ƙwallon ƙasa, sai ƙwaƙwalwa ta shirya motsin: ƙafafu su haɗu ko gwiwa ta sauka, baya ya sunkuya, tafin hannu ya buɗe yatsu suna kallon ƙasa. A kashi-kashi sau ɗaya ake wannan shirin, sai a yi ta sake kunna shi. A gauraye ƙwallon sama ta shigo ta goge shi, dole a sake gina shi daga tushe. Ranar wasa kuwa ginin ake nema, domin ba ɗan gaban da zai buga maka ƙwallo iri ɗaya sau goma sha biyar.

Abin da ke sa kocinmu ya ƙi barin tsohon tsari shi ne idonsa yana gaya masa tsarin na aiki. Abin da mutum ke iya yi a tsakiyar atisaye daban, abin da ya zauna a jikinsa bayan ya kwana biyu daban, kuma na farkon kaɗai ake gani a fili. Shi kansa mai koyon yana ruɗuwa. Dominic Simon da Robert Bjork sun nuna a 2001 cewa waɗanda suka koyi abu kashi-kashi, da aka ce su yi hasashen yadda za su yi washegari, sun ɗora kansu sama da inda suka tsaya a zahiri. Atisayen gauraye kuwa ba shi da kyan gani. Ƙwallo na kuɓucewa, gola na tsaki, mai kuɗin kulob idan ya leƙo sai ya ɗauka kocin bai san aikinsa ba.

To ta yaya za a sake jera ƙwallayen nan 45? A ce golan ɗan shekara goma sha shida ne, ya iya kamun nan uku amma yana zubarwa a wasa. Ni da zan tsara masa, zan ba shi tara na farko kashi-kashi, uku-uku, don jiki ya yi ɗumi hannu ya saba da nauyin ƙwallo. Goma sha biyu na gaba a yi su zagaye: ƙasa, ƙirji, sama, ƙasa, ƙirji, sama, har sau huɗu. A nan ya san mai zuwa, amma dole ya canza shiri kowane bugu, kuma Lee da Magill sun gano cewa wannan zagayen ma yana ba da sakamako mai kama da na gauraye, alamar cewa sauyin ne ke aikin ba mamakin kaɗai ba. Sauran 24 ɗin, takwas daga kowane iri, a gauraya su. Lissafin ya tashi 15 ga kowanne, kamar dā.

Gaurayawar tana da nata tarko. Koci ya rubuta jerin a takarda tun daga gida, kada iri ɗaya ya zo fiye da sau biyu a jere. In ya bar wa kansa zaɓi a fili, ba zai ankara ba zai faɗa cikin wani salo, yaron kuma ya haddace salon maimakon ya karanta ƙwallo. Tarko na biyu ya fi wannan ɓoyuwa: kocin da ke jefa ta sama da hannu, ya buga ta ƙasa da ƙafa, ya riga ya ba da amsa kafin ƙwallo ta tashi. Duk a buga su da ƙafa, daga wuri ɗaya, da gudu iri ɗaya zuwa kan ƙwallon. Kuma idan yaron ya zubar da ɗaya, kada a ce “sake” a maimaita masa ita har sai ya kama, don an koma kashi-kashi ke nan ta bayan gida. A gaya masa kuskuren a kalma biyu, a wuce ta gaba, irin waccan za ta dawo a jerin.

Ba kowa ne wannan zai yi wa amfani ba. Yaro ɗan shekara tara da bai san yadda ake haɗa hannu a bayan ƙwallo ba, idan aka gauraya masa, ba abin da zai sake ginawa tunda ba a gina komai ba tukuna. Shi kashi-kashi yake buƙata har siffar kamun ta fito. Mark Guadagnoli da Timothy Lee sun tsara wannan tunanin a 2004: wahalar da ke koyarwa ita ce wadda ta dace da matakin mai koyo da kuma wuyar aikin kansa. Bitar da aka yi wa tarin bincike daga baya ta kuma nuna cewa fifikon gauraye ya fi fitowa fili a ɗakin gwaji fiye da filin wasa, kuma ya fi rauni a wajen yara. Don haka duk wanda ya ce maka gauraye magani ne a gonar yaro, ya wuce gona da iri. Ma'aunin da nake ba koci, kuma nawa ne ba na wani bincike ba, shi ne: idan gola yana kama tara cikin goma ba wahala, a ƙara gaurayawa ko a matso kusa, idan ba ya kama ko rabi, kuma kamun nasa ya fara lalacewa, a koma zagaye ko kashi-kashi.

Yadda za a san ko tsarin ya yi aiki kuwa, ba a ranar ake dubawa ba. A ce an yi atisayen ranar Talata. Ranar Alhamis, bayan ɗumama jiki, kafin koci ya gyara masa komai, a buga masa ƙwallo 15 a gauraye, biyar daga kowane iri, da sabon jerin da bai taɓa gani ba, in da hali wani ɗan wasan ne zai buga ba koci ba. A rubuta nawa ya riƙe, nawa ya amayar, da kuma irin da ya fi ba shi wahala. A maimaita haka kowace Alhamis har mako shida a shafi ɗaya na littafi. Idan ta ƙasa ce ke ta kuɓuce masa mako bayan mako, a cire ta daga cikin gaurayen na ɗan lokaci, a ba shi ita kaɗai har gwiwa da hannu su daidaita, sannan a mayar da ita cikin 'yan uwanta.