Yadda Ake Mayar da Layin Bulo da Tayil Bayan An Cire Wani Abu Daga Hoto

Cire wani abu daga hoto, kamar bokitin da aka manta a tsakar falo ko mitar wuta da ke manne a bango, ba shi da wuya idan abin da ke bayansa fili ne mara zane. Yashi, ciyawa da bangon da aka shafe da fenti duk suna ɓoye kuskure. Bangon jan bulo da daɓen tayil kuwa ba sa rufa wa mai gyara asiri, domin layukansu a miƙe suke, kuma idon mutum yana saurin gane layin da ya karkace ko da bai san komai game da gyaran hoto ba. Saboda haka aikin yana da ƙa'ida guda da sauran suke bi: a fara gyara layukan da ke tsakanin bulo ko tayil, sannan a cike cikinsu.

Kayan aikin da aka fi amfani da shi a manhajar Photoshop shi ne Clone Stamp, wanda ke kwafo wani yanki na hoton ya ɗora shi a kan wani. Mai gyara yana danne maɓallin Alt, ya taɓa inda yake son ɗebowa, sannan ya shafa a kan abin da zai ɓace. Yawancin ɓarnar tana faruwa ne a wannan taɓawa ta farko. Mai gaggawa yakan ɗebo daga tsakiyar tayil, inda babu wata alama da za ta nuna masa ko ya daidaita. Gwani kuwa yana ɗebowa daga mahaɗa, wato daidai inda layin tsaye ya gitta na kwance, ya kuma fara shafawa a kan wata mahaɗar da ke gefen abin da za a cire. Idan giciyen biyu suka hau kan juna, sauran layukan za su bi. Dole ne kuma akwatin Aligned ya kasance a kunne, domin shi ke riƙe tazarar da ke tsakanin inda ake ɗebowa da inda ake shafawa ko da an ɗaga hannu. Zaɓin Show Overlay da ke cikin Clone Source yana nuna abin da za a ɗora tun kafin a danna. Ana yin komai a kan sabon Layer, tare da saita Sample a kan Current & Below, don ainihin hoton ya tsira idan an yi kuskure.

Misali zai fi bayyana lamarin. A ce an ɗauki bangon shago gaba da gaba, kuma kowane bulo tare da simintin da ke gefensa ya kai fiksel 120 a tsawo da 40 a tsayi. A tsakiya akwai mitar wuta da ta rufe sahu uku. A ginin da aka saba, magini yana zame kowane sahu da rabin bulo, ta yadda mahaɗar sama ba za ta faɗa kan ta ƙasa ba. Ma'anar wannan ita ce zanen bangon yana maimaita kansa ne bayan sahu biyu, ba ɗaya ba. Wanda ya ɗebo daga sahun da ke sama kai tsaye, tazarar fiksel 40, zai ga layukan kwance sun daidaita, amma na tsaye sun jeru a kan juna kamar na tayil, abin da magini ba ya yi. Mafita ita ce a ɗebo daga tazarar fiksel 80 ko 160 sama ko ƙasa, ko kuma daga gefe a tazarar 120, 240 ko 360. Idan babu makawa sai sahun kusa, to a haɗa da zamewar rabin bulo, wato fiksel 60 zuwa gefe. Kuskuren fiksel biyar kawai ya isa ya sa layin siminti ya yi tsalle a bakin wurin da aka gyara.

Daɓe ya fi bango wahala, domin da wuya a ɗauke shi daga sama tsaf. Tayil ɗin da ke kusa da kyamara yana fitowa babba, na nesa yana ƙanƙancewa, layukan da suka nufi ciki kuma suna matsowa kusa da juna. Tayil mai faɗin fiksel 200 a gaban hoto zai iya komawa 140 bayan 'yan sahu. Duk wanda ya kwafo na gaba ya ɗora a baya, ba yadda za a yi layi ya haɗu. Ko ɗebowa daga gefe a sahu ɗaya bai warware komai ba gaba ɗaya: girman zai yi daidai idan sahun yana kwance sosai a hoton, amma layukan da suka nufi ciki kowanne da irin karkatarsa.

Don wannan matsala aka yi Vanishing Point, wanda ya shigo Photoshop a shekarar 2005, kuma ana samunsa a ƙarƙashin Filter. Mai gyara yana taɓa kusurwoyi huɗu na wani yanki na tayil da yake da tabbacin murabba'i ne a zahiri. Manhajar sai ta shimfiɗa raga a kansa. Shuɗiyar raga alama ce cewa lissafin ya yi, ruwan ɗorawa ko ja kuwa na nufin a sake gyara kusurwoyin. Ya fi kyau a kewaye tayil da yawa, kamar huɗu a tsaye huɗu a kwance, domin ƙaramin kuskure a kan tayil ɗaya yana girma idan aka ja ragar ta rufe ɗakin. Daga nan hatimin kwafi da ke cikin wannan taga zai riƙa rage girman abin da aka ɗebo ko ya ƙara shi gwargwadon nisan wurin. Har a nan ma daga mahaɗa ake ɗebowa, a kan mahaɗa ake saukewa. Masu amfani da GIMP, wadda kyauta ce, suna da makamancinsa mai suna Perspective Clone.

Akwai Content-Aware Fill, wanda ya zo a 2010, kuma mutane da yawa shi suke fara gwadawa saboda sauri. Yana aiki da kyau a kan ciyawa da ƙananan tabo, amma a kan babban yanki mai layuka yakan karya su, ko ya ƙirƙiro rabin bulo a inda bai dace ba. Ya fi amfani bayan an riga an ja layukan, wajen share ɗan abin da ya rage a cikin tayil ɗaya.

Layi zai iya miƙewa amma gyaran ya tonu ta wata hanya. Inuwar bokitin da aka cire tana nan a ƙasa, kuma tayil mai sheƙi yana ɗauke da hotonsa a juye. Dole su ma su tafi. Haske ma ba ɗaya ba ne a ko'ina, don haka yankin da aka ɗebo daga kusa da taga zai fi haske, sai an daidaita shi da Curves. Bulo mai tsaguwa ko tabo kuma, idan ya bayyana sau biyu kusa da juna, nan take ido zai kama shi. Maganinsa a ɗebo daga wurare biyu ko uku, kowanne a tazarar da ta dace da zanen.

Kafin a miƙa aikin, ana jan siririn layi madaidaici a kan wani Layer na daban, daga mahaɗar da ba a taɓa ba a gefe ɗaya zuwa takwararta a ɗaya gefen. Layin simintin da aka gyara ya kamata ya kwanta a ƙarƙashinsa daga farko har ƙarshe. Sai a ƙanƙantar da hoton zuwa girman da za a gan shi a waya, domin bambancin haske ya fi fitowa daga nesa. Idan abin da za a cire ya rufe mafi yawan bangon, har babu isasshen wuri mai tsabta da za a ɗebo, gara a sake ɗaukar hoton bayan an kawar da abin da hannu.